Yadda Ake Tara Kuɗin Kujerar Hajji Cikin Shekaru Ba Tare da Kuɗin Sun Zagwanye Ba

Tambayar da aka fi yi mini a kan tarin kuɗin Hajji ita ce: nawa zan riƙa ajiyewa duk wata? Amsar ba ta fitowa sai an fara sanin abu biyu, wato ranar da kuɗin za su cika da kuma kuɗin da ake ƙirga su da shi. A 2022 kujera daga Arewacin Najeriya ta kama kusan naira miliyan 2.5, a 2023 kusan miliyan 2.9, a 2025 kuwa ta kusa miliyan 8.5. Wanda ya fara tari a 2022 da niyyar haɗa miliyan uku, ya kuma haɗa su daidai cikin shekara uku, ya iske kuɗinsa ba su kai rabin kujera ba. Matakan da ke ƙasa an jera su ne don kauce wa irin wannan. Na rubuta su don mai tafiya daga Najeriya ta hannun hukumar alhazai ta jiha, kuma duk inda na ce "ka" har da ke, Hajiya.

1. Tsayar da shekara, sannan ka ja da baya

Ka zaɓi shekarar tafiya ka rubuta ta. "In Allah ya hore" addu'a ce mai kyau, kuma da ita za a fara, amma ba a raba kuɗi da ita. Sai akwai adadin watanni kafin a yi lissafi.

Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, saboda haka Hajji yana matsowa gaba duk shekara. An yi tsayuwar Arfa ranar 15 ga Yuni a 2024, aka yi ta 5 ga Yuni a 2025. Bisa wannan tafiya, Arfar 2028 za ta faɗo a farkon Mayu, ta 2029 a ƙarshen Afrilu, ta 2030 wajen tsakiyar Afrilu, ta 2031 kuma a farkon Afrilu.

Amma ranar Arfa ba ita ce ranarka ba. Ranarka ita ce ranar rufe karɓar kuɗi, kuma tana zuwa watanni kafin jirgin farko ya tashi, domin Saudiyya tana buƙatar a biya masauki da tantunan Mina da sauran hidimomi tun da wuri. Na Hajjin 2025 an rufe a farkon Fabrairu, bayan ƙarin wa'adi. Na 2026 kuma an sa wa'adin ne tun a Disamban 2025. Wa'adin yana ta matsowa, har ya fi matsowar Hajjin kansa. Don haka ka ƙirga wata shida zuwa bakwai baya daga Arfa, ka ce a nan kuɗin kujerata za su cika. Mai nufin Afrilun 2030 ranarsa ita ce ƙarshen Satumban 2029.

Hattara: kada ka gina lissafinka a kan ƙarin wa'adi. Ana yawan ƙarawa, gaskiya ne, amma kujerun ƙaramar hukumarka suna iya ƙarewa kafin ma wa'adin farko ya cika.

2. Lissafa kuɗin da dala, ba da naira ba

Mafi yawan abin da ke cikin kuɗin kujera, tun daga jirgi zuwa masaukin Makka da Madina, abinci, tanti da guzuri, da dala ko riyal ake biyansa. Riyal kuma a ɗaure take da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, shekaru da yawa ba ta motsa ba. Idan ka ɗauki kuɗin kujera na shekarun nan ka raba da canjin hukuma na kowace shekara, za ka ga suna yawo ne tsakanin dala 5,000 da 6,500. Kujerar ba ta ninka sau uku ba. Naira ce ta faɗi bayan an sake ta a Yunin 2023, daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Shi ya sa a Maris ɗin 2024 aka nemi maniyyatan da suka riga suka biya su ciko sama da naira miliyan 1.9 kowannensu, cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka abin da za ka rubuta a saman littafinka adadin dala ne. Ga misalin da zan bi har ƙarshe. A ce wani tela ne mai shago a Zariya, yana da 'yar gona a ƙauyensu, ya fara tari a Janairun 2026. Ya sa wa kujera dala 6,000, wato sama kaɗan da farashin shekarun 2025 da 2026, don ya bar wa kansa fili. Hadaya ya sa mata dala 200, tunda a shekarun baya-bayan nan tana kamawa wajen riyal 720 ta hanyar da Saudiyya ta amince. Ƙarin guzuri da tsaraba dala 500, domin guzurin da ke cikin kuɗin kujera dala 500 ne kacal a 2024 da 2025, kuma wanda ya kwana arba'in a can ya san inda dala 500 take tsayawa. Fasfo, harami, takalmi, magunguna da zirga-zirgar bita, dala 200. Cefanen gida na sati shida da shagon zai yi ba ya nan, dala 400. Jimla dala 7,300. Ya ɗora kashi goma cikin ɗari saboda abin da ba a zata ba, ya tashi a kan dala 8,000. A canjin 1,500, naira miliyan 12 ke nan.

Kuɗin cefanen iyali mutane sun fi mantawa da shi, alhali yana cikin sharaɗin iko da malamai ke faɗa: ka bar wa waɗanda ciyarwarsu ke wuyanka abin da zai ishe su har ka dawo. Walimar dawowa kuwa ban sa ta ba da gangan. Wanda yake son ta ya nemo mata kuɗi dabam.

Idan da maiɗakinka za ku tafi, ninka komai sai cefane, kuma kowa da littafinsa, musamman idan akwai kuɗinta na kanta a ciki.

3. Share hanya kafin ka fara zubi

Abu biyu ne a nan. Na farko bashi. Bashin da lokacin biyansa ya yi shi ne a gaba, domin ba a tara kuɗin Hajji alhali mai bin ka yana sintiri a ƙofar gida. Na biyu kuɗin ko-ta-kwana. Ka ware abin da zai riƙe gidanka wata biyu ko uku a wani asusu na dabam tun kafin kobo ɗaya ya shiga asusun Hajji. Yawancin tarin da ke rushewa ba ɓarawo ne ke rushe shi ba: haihuwa ce, ko asibiti, ko kuɗin haya, sai a ce bari a ɗan taɓa a mayar, kuma ba a mayarwa. In akwai asusun ko-ta-kwana, shi ake taɓawa, sannan a cike shi kafin a ci gaba.

4. Raba adadin bisa yadda kuɗi ke shigo maka

Daga Janairun 2026 zuwa Satumban 2029 wata 45 ne. Dala 8,000 a raba 45 ta ba da kusan dala 178, wato naira 267,000 duk wata. Telanmu ba shi da wannan. A nan ne mutane da yawa ke ajiye biro su ce Hajji ba tasu ba ce, alhali kuskuren yana cikin rabon ne. Mai albashi ne kaɗai kuɗinsa ke zuwa daidai wa daida duk wata. Tela, manomi da ɗan kasuwa kowa yana da kakarsa, kuma da kakar ake lissafi.

Telan ya duba ya ga zai iya ajiye naira 120,000 duk wata ba tare da tukunya ta tsaya ba, dala 80 ke nan. Cikin wata 45 ta zama dala 3,600. Ɗinkin Sallah kuma yana bar masa rarar da zai iya cire naira 300,000, wato dala 200, a kowace Sallah. Tsakanin farawarsa da ranarsa akwai ƙaramar Sallah huɗu da babba huɗu, dala 1,600. Daga gona yana iya ware naira 600,000 a shekara, dala 400. A nan sai a lura: kakar 2026, 2027 da 2028 ne kaɗai suka shiga, domin masarar 2029 tana gona ranar da wa'adinsa zai cika. Dala 1,200 ke nan. An haɗa duka, dala 6,400. Saura 1,600.

Yana da zaɓi uku: ya ƙara na wata, ya sayar da wata kadara, ko ya ɗaga shekarar. Da ya gwada 2031, ranarsa ta koma Satumban 2030. Watanni suka zama 57, dala 4,560. Sallah goma, dala 2,000. Kaka huɗu, dala 1,600. Jimla dala 8,160. Ta ɗauka. Sai ya goge 2030 ya rubuta 2031. A ganina wannan gogewar ta farko ta fi komai amfani a cikin shirin, domin ta fi a kai shekarar ƙarshe a iske giɓi, a shiga neman rance ko a sayar da gona da arha saboda wa'adi ya matso.

Hattara: adadin da za ka ɗora wa kanka duk wata ya zama wanda za ka iya bayarwa a wata maras ciniki, ba a watan da aka fi samu ba. Rarar watan samu ƙari ce. Idan kuma albashi kake ɗauka, ka ba bankinka umarni a rubuce ya riƙa zare kuɗin washegarin shigar albashi zuwa asusun Hajjin, kuma kada ka karɓi katin cirar kuɗi a kan wancan asusun.

5. Inda za a ajiye kuɗin

Babu wuri ɗaya da ya tsare kuɗi daga komai. Asusun naira yana tsare su daga ɓarawo da gobara, amma ba ya tsare su daga faɗuwar naira. Dala tana tsare su daga faɗuwar naira, amma ba ta ba ka layi a hukumar alhazai. Shi ya sa ake rabawa.

Wuri na farko shi ne shirin adashin gata na Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wanda aka ƙaddamar a Kano a Oktoban 2020 tare da bankin Jaiz, daga baya aka shigo da wasu bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Ana buɗe shi a reshen banki ko ta ofishin hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, da katin shaida, lambar BVN da hoto. Bankin yana juya kuɗin ta hanyar halal a raba riba, kuma an tsara shirin ne don sunan mai tari ya shiga layin kujera idan kuɗinsa sun cika. Ranar buɗewa ka yi tambaya uku, ka kuma nemi amsar a rubuce: yaushe ake zuba riba kuma ta yaya zan gan ta, idan larura ta sa zan janye kwana nawa ake ɗauka kuma me ake cirewa, sannan wata nawa kafin wa'adi ake so kuɗina su cika don sunana ya shiga na shekarar da nake so. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ajiyar ta naira ce, kuma shiga shirin ba ya daskare maka farashin kujera. Farashin shekarar tafiyarka za ka biya. Ribar na rage zafi, amma a shekara irin 2024 babu ribar da ta kamo faɗuwar naira.

Wuri na biyu asusun dala ne a banki. Wasu na ganin sayen dala caca ce, tunda tana iya sauka, kuma ta sauka ɗin a 2025, daga wajen 1,600 zuwa ƙasa da 1,500. Amma ga mai tarin Hajji lissafin dabam ne. A daidai lokacin da dala ta sauka, kujerar 2026 ita ma ta sauko zuwa kusan miliyan 7.7 a Arewa. Idan dala ta hau, kujera ta hau, dalarka ta bi ta. Idan ta sauka, kujera ta sauka tare da ita. Ko ta ina, rabon kujerar da ka riga ka tara yana nan yadda yake. Wanda ke riƙe da naira zalla shi ne kuɗinsa ke lilo.

Ka riƙa saye kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ka jira ranar da za ta yi arha, babu wanda ya san ranar. Telanmu yakan haɗa na wata uku ya sayi abin da ya sawwaƙa, don kada kuɗin mota da bambancin saye da sayarwa su cinye shi. Canjin kuɗi hannu da hannu ake yin sa, ka ba da naira ka karɓi dala a zama ɗaya, haka shari'a ta tanada kuma haka ya fi tsaro. Ka saya a wurin mai lasisi, ka karɓi takardar dala ɗari sabuwa mai shuɗin zare a tsakiya, domin tsofaffi da masu tabo ko yagewa ana rage musu daraja ko a ƙi su. Daga wurin canji ka wuce banki kai tsaye. Dala a ƙarƙashin katifa shekara huɗu tana jiran gobara, gara da 'yan gida.

Rabon da nake ba da shawara ga mai shekara huɗu ko biyar a gaba shi ne rabi a dala, rabi a adashin gata. Telan ya sa na wata-wata a adashin gata, kuɗin Sallah da na kaka kuma suna tafiya dala, abin da ya kawo shi kusa da rabi da rabi ba tare da wani dogon lissafi ba.

Hattara: hukumar inshorar ajiya, NDIC, tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci ɗaya, miliyan 2 a ƙaramin banki, tun bayan ƙarin da aka yi a 2024. A Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage, kuma masu ajiyar da ta haura miliyan biyar sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Idan ajiyarka a banki ɗaya ta doshi wannan iyaka, buɗe asusu a wani. Kuɗin Hajji masu yawa kuma ba na ƙaramin banki ba ne.

Sauran wuraren da ake yawan tambaya, a taƙaice. Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari marasa ruwa, halal ne, ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, amma wa'adinsa shekara bakwai ne ko goma. Ya dace da wanda ranarsa ta wuce wa'adin, domin mai sayarwa kafin lokaci farashin kasuwar ranar zai karɓa. Zinare yana bin dala, sai dai sarƙa da ɗan kunne akwai kuɗin ƙira a cikin farashinsu wanda ba ya dawowa ranar sayarwa, ga matsalar ajiya. Hatsi kuwa waɗanda suka cika rumbu da masara a ƙarshen 2024 suna jiran tsada sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Kiwo sana'a ce mai kyau ga wanda ya iya ta, amma akwai tarko a cikinsa: ragon layya ana sayar da shi ne alhazai suna Mina. Ragunan da za su shiga kuɗin Hajjin 2031 su ne na Sallar 2030. Adashin unguwa yana taimakawa wajen tilasta wa kai zubi, da sharaɗin ranar da ka kwasa kuɗin su kwana a asusun Hajji, kuma kada ka yarda da zubin da ya fi shekara ɗaya kafin ya zagayo.

Abin da ba a kusanta ko kaɗan shi ne duk wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya mai yawa duk wata, ko ya ce zai ninka kuɗi kafin wa'adi. MMM ta tsaya da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025, kuma irinsu na zuwa wani lokaci da sunan Musulunci da hoton Ka'aba. Alamarsu ɗaya ce: ba a iya nuna maka kasuwancin da ke haifar da ribar, kuma ana ba ka lada idan ka kawo wani. Haka nan ba a ba ɗan'uwa kuɗin Hajji ya juya, ko da mutumin kirki ne. Kasuwa na iya riƙe kuɗin a daidai watan da hukuma ke rufe karɓa, sannan ga zumunci ya shiga tsakani.

6. Littafi, da bita sau ɗaya a shekara

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ja layi biyar a kowane shafi: kwanan wata, nairar da ka zuba, inda ka zuba, canjin ranar, da abin da ta kama a dala. Rasit da takardar bayanin asusu su shiga ambulan ɗaya da littafin. Mutum ɗaya amintacce, maiɗaki ko babban ɗa, ya san inda ambulan ɗin take, kuma ka cike gurbin magaji a takardun banki da sunan da yake daidai. Idan kana son a yi maka Hajji da kuɗin in rai ya yi halinsa, ka rubuta wasiyya da shaidu bayan ka tambayi malami, in ba haka ba kuɗin gado ne.

Bitar kuwa ana yin ta ne duk lokacin da NAHCON ta sanar da kuɗin kujerar sabuwar shekara. Ka raba sabon farashin da canjin ranar ka ga ko yana ƙasa da abin da ka sa. Sannan ka mayar da duk abin da ke hannunka zuwa dala a canjin yau, ba na ranar da ka zuba ba. A ce a ƙarshen 2027 telanmu yana da naira miliyan 2.9 a adashin gata, har da ɗan abin da riba ta ƙara, sai canji ya tashi daga 1,500 zuwa 1,800. Kuɗin da a littafi suke wajen dala 1,930 yanzu dala 1,610 ne. Giɓin dala 320 ya buɗe. Saura masa wata 33, don haka kusan dala 10 zai ƙara duk wata, ya koma dala 90, wadda a sabon canji naira 162,000 ce maimakon 120,000. Ƙarin yana da zafi, amma ya gan shi saura kusan shekara uku, yana da damar ƙara kuɗin ɗinki, ƙara zubin Sallah, ko rage tsaraba daga lissafi. Dalar da ya riga ya saya kuwa ko gezau.

A wannan zaman ne kuma za ka duba zakka. Niyyar Hajji ba ta ɗauke zakka daga kuɗin da ke hannunka. Ana haɗa su da sauran kuɗinka da kayan sayarwarka, idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Ka duba nisabin da ake sanarwa a lokacin, ka fitar daga wani aljihun idan da hali, ko ka sa ta a lissafi tun yanzu.

7. Shekarar ƙarshe

Saura shekara ɗaya ga ranarka, tsari yana juyawa daga tarawa zuwa tattarowa. Duk abin da ba kuɗi ba ne, dabba, hatsi, zinare ko fili, a fara sayar da shi tun da sauran lokaci, domin mai sayarwa da wa'adi a kansa shi ake taya wa da arha. Dala kuwa a bar ta sai an sanar da farashi ko kuɗin ajiya na farko, tunda hukuma naira take karɓa. Da an sanar, ka canza abin da zai cika kujera ka biya a makon. Dalar guzuri da hadaya kada ka canza ta, da ita za ka tafi.

Fasfo yana da nasa tarkon. Mai shafi 32 shekara biyar yake yi, kuma daga Satumban 2025 kuɗinsa naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Saudiyya tana son fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida. Da telanmu ya yi ɗoki ya yi na shekara biyar a 2026, zai mutu a shekarar tafiyarsa. Gara ya bari sai farkon 2030. Abin da ya kamata ya yi tun yanzu shi ne ya daidaita sunansa da ranar haihuwarsa a NIN da BVN, don wanda yake Muhammad a nan, Mohammed a can, gyaran na iya cin watanni.

Wajen biya, ka je ofishin hukumar jin daɗin alhazai ta jiharka ko wurin jami'in alhazai na ƙaramar hukumarka da ƙafarka, ka ji yadda ake biya a shekarar. Yawanci daraf ne na banki da sunan hukumar, ko asusun da ta sanar a hukumance. Idan kuɗinka na adashin gata ne, ka tabbatar da idonka cewa sunanka ya fito a jerin shekarar, kada ka zauna a gida kana zaton ya fito. Ka karɓi rasit mai hatimi, ka ɗauki hotonsa, ka ajiye kwafin daraf ɗin.

Hattara: ba a ba mutum tsabar kuɗi, ba a tura wa asusu mai sunan mutum, ko da ma'aikacin hukumar ne, ko da malamin bita ne, ko da ya rantse yana da kujera ta musamman. Idan ta jirgin yawo za ka bi, ka nemi ganin sunan kamfanin a jerin waɗanda NAHCON ta ba lasisi da kujerun wannan shekarar, ba na bara ba. Wanda ya ce zai kai ka Hajji da bizar ziyara a rabin farashi, tara da kora da haramcin shiga Saudiyya na shekaru yake sayar maka.

Bayan ka biya, kada ka tsayar da zubi. Tsakanin Satumba da tashi telanmu yana da wata biyar ko shida, da kakar 2030, da ɗinkin ƙaramar Sallah a Janairun 2031, waɗanda duk ba su cikin lissafin farko. Wannan kuɗin, tare da kashi goman da ya ɗora tun farko, su ne za su amsa idan aka ce a ciko kamar yadda aka yi a 2024. Ya ajiye su a asusun da zai iya cirewa cikin kwana ɗaya, kuma kada ya fara sayayyar tafiya da su sai an ba shi jaka an buga masa biza. Idan kuma aka dawo da rarar kuɗi saboda farashi ya sauka ko wata hidima ba ta samu ba, ta hannun hukumar jiha ake biya, da rasit ɗin nan ake nema.